Abin da fayil ɗin ~/.ssh/config ya koya min a wurin aiki

Da na fara aikin kula da sabobi, guda uku aka ba ni. Ɗaya ta gwaji ce, ɗaya ita ke ɗauke da shafin da jama'a ke shiga, ta ukun kuma ta ajiyar bayanai. Kowacce da nata sunan shiga da nata makulli, kuma biyu daga ciki an kawar da su daga ƙofar 22 da ssh, shirin da ake shiga saba da shi daga nesa, ke ƙwanƙwasawa in ba a ce masa komai ba. Don haka kullum sai na rubuta doguwar umarni irin wannan:

```
ssh -i ~/.ssh/shafi_ed25519 -p 2222 deploy@203.0.113.10
```

Ba tsawon ne kaɗai matsalar ba. In zan kwafi fayil da scp, lambar ƙofa da babban harafi ake ba shi, wato -P, alhali ssh ƙaramin -p yake karɓa. Sau da yawa na haɗa su, na zauna ina jiran amsa daga ƙofar da ba a buɗe take ba. Wata rana wani da ya riga ni a aikin ya leƙo allona ya ce, "Ƙanena, wannan wahalar fa ba dole ba ce. Zuba su a fayil ɗin config, ka raɗa wa kowace saba suna." Ga abin da na rubuta a ~/.ssh/config ranar:

```
Host shafi
    HostName 203.0.113.10
    User deploy
    Port 2222
    IdentityFile ~/.ssh/shafi_ed25519
```

Daga nan ssh shafi kawai nake bugawa in shiga. Abin da ya fi burge ni shi ne scp da rsync da git duk sun gane wannan suna, domin a ƙarƙashinsu ssh ɗin ne ke aiki. Sai dai sunan da ke gaban Host laƙabi ne kawai, kuma ssh na gwada shi ne da abin da ka buga a umarni. In ka buga lambar adireshin kai tsaye, ba zai waiwayi wannan sashe ba ko da adireshin ɗaya ne da na HostName, sai ya tafi ƙofar 22 da sunanka na kan kwamfutarka.

Kuskurena na farko ya zo ne lokacin da sabobin suka ƙaru. Yawancin sababbin da sunan ubuntu ake shigarsu, sai na ga gara in rubuta shi sau ɗaya ga kowa. Na buɗe fayil ɗin na sa Host * a can sama, da User ubuntu a ƙarƙashinsa. A tunanina dokar gama-gari ce za ta fara, sannan ta kowace saba ta zo ta gyara ta. Washegari sabar shafi ta ƙi ni da Permission denied (publickey). Makulli bai canza ba, saba ba ta canza ba. Na ɗauki kusan awa guda ina zargin makullin.

Ashe ssh daga sama yake karanta fayil ɗin zuwa ƙasa, kuma ga kowane saiti, wanda ya fara samu shi yake riƙewa. Alamar tauraro ta dace da kowane suna, don haka ya riga ya ɗauki ubuntu kafin ya iso layin deploy, ya wuce shi kamar bai gani ba. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi. Maganin shi ne a mayar da Host * ƙarshen fayil, sassan sabobi ɗaya-ɗaya su hau sama. Wannan dokar ce kuma ta sa abin da ka buga a umarni ke rinjaye: ssh na fara duba umarnin, sannan fayil ɗinka, sannan na kwamfutar baki ɗaya da ke /etc/ssh/ssh_config.

A ranar na san umarnin da yanzu nake fara bugawa duk lokacin da na taɓa fayil ɗin:

```
ssh -G shafi | grep -E '^(user|hostname|port|identityfile) '
```

Wannan -G ba ya haɗawa da saba ko kaɗan. Yana karanta saitunan ne ya buga maka abin da ya yanke a ƙarshe. Da na buga shi tun farko, da layin user ubuntu ya fito min a daƙiƙa ɗaya. Tun OpenSSH 6.8 na shekarar 2015 yake nan.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ɗaure kai, kuma ita ce ta sa na fahimci yadda makullai ke tafiya. An ba ni sabuwar saba, na ƙirƙiri sabon makulli, na rubuta mata sashe da IdentityFile daidai, -G ma ya nuna komai lafiya. Amma da na gwada shiga sai aka yanke ni da Too many authentication failures. Ni kuwa sau ɗaya na gwada.

Na ƙara -v a umarnin, sai ga layin Offering public key yana ta maimaituwa, kowanne da makulli daban, kuma babu sabon a cikinsu. A lokacin makullai bakwai ne a cikin ssh-agent ɗina, wato shirin da ke riƙe makullai yana ba ssh su, sabon kuma ban saka shi ciki ba. Shi ssh yakan fara miƙa waɗanda ke cikin ssh-agent kafin ya zo kan fayil ɗin makullin da ba ya ciki. Ita kuma sabar tana ƙirga kowane makullin da ta ƙi a matsayin gwaji guda, kuma iyakar MaxAuthTries in ba a canza ba 6 ce. Kafin layi ya zo kan makullin gaskiya an riga an rufe ƙofa. A nan na gane cewa IdentityFile ba ya nufin "wannan kaɗai". Yana ƙara makulli ne a cikin jerin waɗanda za a gwada. Layin da ke taƙaita jerin daban ne:

```
    IdentityFile ~/.ssh/ajiya_ed25519
    IdentitiesOnly yes
```

Da na ƙara shi, makulli ɗaya aka miƙa, aka karɓa. A ganina duk sashen da ke da IdentityFile ya kamata wannan layin ya bi shi, ko don kada sabar wani abokin ciniki ta riƙa ganin makullan da kake shiga wasu wurare da su.

Akwai wani ɗan tarko a nan. IdentityFile bai bi dokar "na farko ne ke ci" ba, taruwa yake yi. In ka sa wani makulli a ƙarƙashin Host *, za a haɗa shi da na kowace saba, ko da IdentitiesOnly yes na nan, domin shi ma a fayil ɗin aka ambace shi. Shi ya sa na cire duk wani makulli daga sashen gama-gari, na bar masa abubuwan da ba su da haɗari, irin su ServerAliveInterval 60 da ke hana haɗin mutuwa in na daɗe ban buga komai ba.

Lokacin da na sauya kwamfuta na kwafo fayil ɗin ta filashi, sai ssh ya ƙi shi da Bad owner or permissions, saboda kwafin ya ba wasu damar rubutu a kansa. Umarnin chmod 600 ~/.ssh/config ya warware wannan. Bayan nan na bi sunayen sabobin ɗaya bayan ɗaya da -G, kuma a guda biyu na tarar hanyar makullin tana nuni ga babban fayil na tsohuwar kwamfutar, domin cikakkiyar hanya na rubuta maimakon in fara da ~/.ssh. Na gyara su kafin in gwada shiga ko ɗaya.