Wasiƙa zuwa Tawa: a zazzage ledar maganin tsoho kafin a ce ruɗin tsufa ne

Assalamu alaikum ƴan uwa na Tawa da kewaye. Ina gaida iyaye, ina gaida kowa. Daga Liyon ta ƙasar Faransa nake rubuto wannan, inda nake aikin farmasi, kuma rabin aikina duba magungunan tsofaffi ne a gidajen da ake kula da su. Abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami kuwa a gidanmu ya faru, cikin hunturun da ya wuce.

Wata safiya ƙanwata ta aiko mini da saƙon murya tana kuka, wai Kawu ya ruɗe. Mutum ne mai shekara 72, tsohon ɗan kasuwar albasa da ya yi rayuwarsa tsakanin Galmi da Abijan, wanda har bara yake lissafin buhuna da ka ba ya neman takarda. Cikin kwana goma sai ga shi yana rasa raka'a nawa ya yi a sallar magariba, yana kiran jikarsa da sunan uwarta, da dare kuma yana lalube a kan shimfiɗa kamar mai tsintar gero. Bakinsa ya bushe har tuwo ba ya wucewa sai da ruwa. Kwana huɗu bai zaga ba. Abin da ya fi ba shi kunya, fitsari yana ɗiga masa a wando. Wasu suka ce tsufa ne ya zo, wasu suka fara zancen sammu, wani maƙwabci kuma ya kawo shawarar a sayo masa ƙwayar da ke tsayar da yoyon fitsari.

Na ce mata: "Kada ku sayo komai tukuna. Zazzage ledar maganinsa a kan tabarma, ki ɗauki hoton kowane kwali gaba da baya, har da abin da aka saya a tire."

Huɗu ne. Akwai amitiriftilin miligiram 25 da yake sha da dare fiye da shekara guda saboda zafin tafin ƙafa na ciwon sukari. Akwai furosemid miligiram 40 na kumburin ƙafa. Waɗannan biyu likita ne ya rubuta, kuma ya zauna da su lafiya. Sai ƙwayar mura da ƙura ta sa aka sayo masa, mai ɗauke da kulorfenamin miligiram 4, sau uku a yini. Na huɗu siro ne na buɗe ciki mai sifroheftadin, irin wanda ƴan mata ke sha don su yi ƙiba. Inna ce ta sa aka sayo da ta ga ya rage cin abinci. Ƙwayoyin sukarinsa suna wani gwangwani dabam, ba su da hannu a wannan zance.

Ba wanda ya yi ganganci a nan. Kowane ɗaya maganin gaske ne, kuma ba a wuce ƙa'idar shan ko ɗaya ba. Matsalar ita ce ukun cikinsu, da furosemid ɗin kaɗan-kaɗan, duk ƙofa ɗaya suke dannewa a jiki.

Akwai wani sinadari da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, sunansa asetilkolin. Shi ke gaya wa baki ya zubo da miyau, ya gaya wa hanji ya motsa, ya gaya wa fata ta yi gumi, ya gaya wa ido ya daidaita don karanta rubutu a kusa. Idan mafitsara ta cika, shi ke sa naman jikinta ya matse fitsari ya fito. A ƙwaƙwalwa kuma da shi ake riƙe sabon abu a kuma tsayar da hankali wuri guda. Magunguna da yawa, ban da aikin da aka yi su dominsa, suna tare wannan saƙo. Ɗaya zai tare kaɗan, jiki ya jure. Amma jiki bai san cewa wannan na mura ne, wancan na ƙafa ba. Tara su yake yi. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da ya ci zaƙami ya ga ƙarshen wannan hanya: jiki zafi ba gumi, baki a bushe, ƙwayar ido a buɗe, yana magana da mutanen da ba su nan. Atirofin da sikofolamin da ke cikin zaƙami wannan saƙon suke yankewa gaba ɗaya. Abin da ya sami Kawu ƙanin wancan ne, a hankali, daga kwalaye masu kyan gani.

Me ya sa tsoho? Ɗansa ya sha ƙwayar murar nan tare da shi, iyakarta ta sa shi gyangyaɗi. Tsoho dama asetilkolin ɗin ƙwaƙwalwarsa ya ragu, hanta da ƙoda kuma sun rage saurin fitar da magani, sai na jiya ya tarar da na yau. Namiji kuma yana da ƙarin nauyi: furostat, ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsara ya kewaye hanyar fitsari, yana girma da shekaru. Hanya ta ƙuntata, mafitsara tana turawa da ƙyar, sai ga magani ya zo ya kashe mata ƙarfin turawa.

A wurin aiki muna amfani da wani ma'auni da aka fitar a Amurka a 2008, aka sabunta shi a 2012. Kowane magani ana ba shi maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon yadda yake tare saƙon, sai a haɗa. Idan jimla ta kai 3, a tsaya a duba. Na yi wa Kawu lissafi a bayan ambulan: amitiriftilin 3, furosemid 1, wato shekara guda yana tafe da 4 a kansa, yana jurewa. Kulorfenamin ya ƙara 3, sifroheftadin ya ƙara 2. Daga 4 zuwa 9 cikin sati biyu. Ƙwayar da maƙwabci ya so a sayo kuwa, oksibutinin, ita ma 3 ce, kuma aikinta na asali shi ne hana mafitsara matsewa.

A nan ne na fi jin tsoro, don kuskuren yana da sauƙin yi. Ɗigar fitsarin Kawu ba sakin mafitsara ba ne. Cika ta yi ta kasa juyewa, kamar randar da aka ci gaba da zuba wa ruwa har yana bin gefenta. Na ce ɗansa ya kwantar da shi rigingine ya taɓa ƙasan cibiya. Ya ce akwai tauri kamar ƙaramar ƙwarya, kuma da ya danna Kawu ya yi ƙara. Na tambaya yaushe ya yi fitsari na sosai, ba ɗigo ba. Tun jiya da azahar. Na ce wannan ba na jiran gobe ba ne, su kai shi asibiti yanzu, su tafi da ledar. An sa masa robar fitsari, wadda ma'aikata ke kira sondi, aka fitar da kusan lita guda. Mafitsarar babban mutum tana matsa masa lamba tun tana da kamar rabin lita. Fitsari idan ya daɗe a tsare haka yana danna ƙoda ta baya, yana kuma jawo ƙwayoyin cuta.

Likitan da ya gan shi ya yi abin da ya dace, bai tsaya a kan maganata ba. Ya auna sukari, ya yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, ya duba fitsari, ya duba ko wani ɓarin jiki ya saki. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya ga tsoho tana iya zama kowane daga cikin waɗannan, kuma bushewar baki ga mai sukari tana iya zama sukarin ne ya hau. Sai dai shi hawan sukari da yawan fitsari yake zuwa. Ma'aunin makin nan ma ba alƙali ba ne. Ba ya kallon yawan abin da aka sha, kuma akwai wasu ma'aunai irinsa da ke ba magani guda maki dabam. Yana nuna inda za a fara tono ne kawai.

Abin da ke raba irin wannan ruɗewa da ciwon mantuwa na tsufa shi ne lokaci. Ciwon mantuwa a hankali yake shigowa, wata da watanni, har ba a iya faɗin ranar da ya fara. Na Kawu ƙanwata ta iya cewa "bayan sunan gidan su wance da kwana uku". Yana kuma hawa da sauka: da hantsi ya yi hira daidai, da almuru ya rikice. Idan kuka ga haka, ga bushewar baki, ga ciki ya ɗaure, ga fitsari na gardama, tambaya ta farko ita ce me aka ƙara masa a satin nan.

A ranar aka tsayar da ƙwayar mura da siron. Don toshewar hanci aka koma ɗiga ruwan gishiri, don bushewar baki kuma kurɓar ruwa a kai a kai da tauna aswaki, wanda ke jawo miyau ba tare da sukari ba. Furosemid an bar shi, makinsa ɗaya ne kuma yana da aikin yi. Amitiriftilin ba a yanke shi dare ɗaya ba, kuma ina roƙo kada kowa ya yi haka da kansa: wanda ya daɗe yana sha idan ya bari kwatsam yakan samu tashin zuciya, ciwon kai da rashin barci. Likita ya rage shi zuwa rabi na sati biyu, sannan ya tsayar. Jimla ta sauko daga 9 zuwa 4, daga baya zuwa 1. A kwana na biyar Kawu ya tambayi kuɗin buhun albasa a kasuwa, ya kuma ce an cuce su. Bayan sati aka cire robar, fitsari ya zo da kansa, ko da yake an ba shi ranar komawa duba furostat.

Wani zai ce to idan an daina sha komai ya koma daidai. Yawanci haka ne ga ruɗewar kwanaki. Amma wani bincike da aka buga a 2015 a kan mutum 3,434 masu shekara 65 zuwa sama a birnin Siyatil ya nuna cewa waɗanda suka fi shan masu ƙarfin cikin irin waɗannan magunguna, kwatankwacin kullum fiye da shekara uku, sun fi kamuwa da ciwon mantuwa da kashi 54 cikin ɗari. Binciken bai tabbatar cewa maganin ne sanadi ba, amma ya ishe ni in ƙi ganin tsohuwa tana haɗiyar furometazin, wadda ita ma cikin irin waɗannan magunguna take, kowane dare don barci, shekara da shekaru.

Kun fi ni sanin yadda Afrilu da Mayu suke a Adar, zafi ya haura 40. Magungunan nan suna rage gumi, gumi kuwa shi ne abin da jiki ke sanyaya kansa da shi, don haka makin da tsoho ya ɗauka lafiya a Janairu yana iya kayar da shi a bazara. Kafin lokacin, ku ɗauki ledar gaba ɗaya, har da na tire da na gargajiya, ku kai wa likita ko mai farmasi ya gan su a jere.

Kawu yana nan lafiya. Zafin tafin ƙafarsa ya dawo, wasu darare har yana hana shi barci, kuma likitansa yana gwada masa wani maganin. Jiya ya karɓi waya ya ce mini: "Kai ɗan nan, ka raba ni da ƙwayata ta dare." Na ce: "Kawu, a yi haƙuri, sai mun ga abin da sabon zai yi nan da wata guda."