Kwana goma nake kallon yaro kafin in ce ga ajinsa

Ina da ƙaramar makarantar naziri a Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Ajujuwa uku ne da fili mai yashi. Aikin da ya fi ɗaukar mini hankali a duk shekara shi ne na watan Satumba, lokacin da ake kawo 'yan shekara huɗu, kowace uwa tana so a sa nata a aji na gaba. Da farko yadda na ga ana yi haka na yi. A zaunar da yaro gaban tebur, a ce ya karanto baƙaƙen boko, ya ƙirga ɗaya zuwa ashirin, cikin minti goma an yanke hukunci. Na bar wannan hanyar bayan na ga yarinyar da ta rero baƙaƙen tiryan-tiryan ta yi wata guda ba ta iya gaya wa malama tana jin fitsari ba, na kuma ga yaron da ya yi gum gaban tebur ya zama shi ke shirya wa 'yan ajinsu wasa.

Yanzu takarda ɗaya muke amfani da ita, mai gida uku: magana, aikin jiki da hannu, sai wasa da 'yan'uwa. Yaro zai yi kwana goma na makaranta a cikinmu, wato sati biyu, malama tana kallonsa ba tare da ya san ana kallonsa ba. Kwana uku na farko ba a rubuta komai, domin kuka da ƙiwuya ne suke cika su. Kafin a fara kuma sai na karɓi katin rigakafi ko takardar haihuwa na rubuta shekarunsa da watanni. Mai shekara huɗu da wata ɗaya da mai shekara huɗu da wata goma sha ɗaya duk "ɗan shekara huɗu" ake ce musu, alhali kusan shekara guda ce tsakaninsu, kuma a wannan ƙuruciyar shekara guda tafiya ce mai nisa.

Mafi yawan abubuwan da ke cikin takardar na tsamo su ne daga jerin da hukumar kula da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sabunta a 2022. Abin da ya ja ni gare shi shi ne sun zaɓi abubuwan da aƙalla yara uku cikin huɗu suke yi a wannan shekarun, don haka idan yaro bai yi ba, akwai dalilin a tsaya a duba. Amma sai da na mai da shi namu. Inda suke tambayar amfanin kwat, mu buta muke nunawa mu ce, "Me ake yi da wannan?"

A gidan magana abu huɗu muke saurare. Yaro ya haɗa kalma huɗu ko fiye a jimla guda. Ya ba da labarin abu ɗaya da ya faru da shi, ko da "Baba ya kai ni kasuwa" ne. Ya amsa tambaya irin ta butar nan. Sannan idan malama ta ɗauko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da aka saba yi musu, ta tsaya a tsakiya, ya faɗi abin da ya biyo baya. Da harshen gida ake duba duk wannan. Turanci ba ya cikin lissafi. Idan Fulatanci ake yi wa yaro a gida, da Fulatanci za a saurare shi, mu roƙi yayarsa ko mai kawo shi ta zauna kusa. Ba ma kuma kama yaro da laifin tsamin baki a harafi ɗaya ko biyu. Abin da muke tambaya shi ne, wanda ba ɗan gidansu ba yana fahimtar yawancin abin da yake faɗa?

Gidan jiki da hannu shi ya fi sauƙin gani. A jefa masa babbar ƙwallo daga taku uku, ya cafe mafi yawan lokuta. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, wanda a wurinmu ba sai an ce ya yi ba, da an zana 'yar gala-gala a ƙasa za a gani. Ya tsiyaya ruwa daga buta zuwa kofi, ya ɓalle maɓallin riga. Ya riƙe fensir da 'yan yatsu, ba ya dunƙule shi a tafin hannu kamar muciya ba. Ya kwaikwayi layi biyu da suka gitta juna, ya kuma zana mutum da gaɓoɓi uku ko fiye. A nan akwai tarko: yaron da bai taɓa riƙe fensir ba, dunƙule shi zai yi a ranar farko. Sai a nuna masa, a sake dubawa a kwana na tara. Idan riƙon ya canja, rashin sabo ne kawai.

Wasa kuwa shi ne gidan da na fi daɗewa a kansa, kuma shi iyaye suka fi rainawa. Muna ajiye gwangwanaye, murafen kwalba, tsummoki da 'yar tsana a kan yashi, mu ja baya. Muna so mu ga yaro ya zama wani abu a wasa: mai tuƙa Keke Napep, mai sayar da ƙosai, uwar da ta goya tsana tana tuƙa tuwon ƙasa. Muna so mu ga ya nemi yara da kansa, ya jira layi ko da da tuni ne, kuma idan wani ya faɗi yana kuka, ya matso ya ce sannu ko ya kira malama. Akwai bambanci tsakanin yaron da ke wasa kusa da yara da wanda ke wasa tare da su. Na farko yana gefensu da gwangwaninsa, bai shiga zancensu ba. Na biyu shi ne zai ce, "Ke ki saya, ni in sayar."

Gaban kowane abu malama tana da zaɓi uku: ya yi da kansa, ya yi da taimako, ko ban gani ba. Na hana a rubuta "bai iya ba". Malama mai yara kusan ashirin ba ta ganin komai, kuma yaron da aka tarbiyyantar da kunya zai sunkuyar da kai idan babba ya yi masa tambaya, ya fita fili ya cika wa abokinsa kunne da surutu. Sai ta rubuta kwanan wata da ainihin abin da yaron ya faɗa ko ya yi. "Yana da ƙoƙari" ba ya amfana mini komai. Ranar da yaro ya zo da zazzaɓi ko bai karya ba, ba a lissafa ta.

Bara aka kawo mana wani yaro mai shekara huɗu da wata biyar. Kakarsa ce ta riƙo hannunsa, tun a bakin ƙofa ta ce, "Hajiya, ga shi nan, sai kun yi haƙuri da shi, ba ya jin magana, sai an daka mashi tsawa."

Da kwana goman suka cika na ɗauki takardarsa. Gidan hannu ya cika fal. Mutumin da ya zana har da yatsu da hula. A gidan wasa malama ta rubuta cewa ya jera murafen kwalba ya yi mota, ya ɗauki yara biyu fasinja, ya kuma miƙa wa wata mai kuka biskit ɗinsa. Gidan magana ne fayau: kalma biyu ko uku, wasu ba a gane su, tatsuniya kuwa "ban gani ba" har sau uku. Idan gidajen uku duk suka yi baya, tunanina daban ne. Idan magana da wasa suka yi baya tare, yaro ba ya neman kowa, ba ya kwaikwayo, shi ma daban ne. Amma yaro mai son mutane, mai hannu irin wannan, maganarsa kaɗai ta tsaya, kunne nake fara zargi.

Na ƙara kwana biyu na zauna a ajin da kaina. Da malama ta ce kowa ya ɗauko takalminsa, sai da ya ga yara sun miƙe sannan ya miƙe. Idan ana yi masa magana bakin mai magana yake kallo. Na zagaya bayansa na kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa sau uku, bai waiwayo ba. Na dawo gabansa na faɗa da murya iri ɗaya, ya amsa. Ban tafa hannu a bayansa ba, domin wannan gwajin yana yaudara: yaron da jinsa ya ragu yana jin ƙara mai ƙarfi sarai, ƙananan sautukan magana ne suke ɓace masa.

Na kira mahaifiyarsa, na shimfiɗa takardar a gabanta, na fara da zanen mutumin nan mai hula. Sannan na tambaye ta ko yana yawan mura. Ta ce duk hunturu hancinsa ba ya bushewa, da bakinsa yake numfashi idan yana barci, amma bai taɓa kukan ciwon kunne ba. Ta ce, "Hajiya, wai kurma ne?" Na ce mata ni ba likita ba ce, takardar nan ba ta faɗin ciwo, abin da muka gani kawai take faɗa, ta kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a duba. Likita ya samu ruwa ya taru bayan fatar dodon kunnensa, duka biyun. Irin wannan yakan biyo bayan mura, sau da yawa ba ya zafi, shi ya sa yake ɓoyuwa. Yakan kuma janye da kansa, don haka aka ce su koma bayan wata uku a sake gwada jinsa.

Mu kuma muka yi namu. Na sa shi a ajin sa'o'insa, ban mai da shi baya ba, domin hannunsa da wasansa sun kai. Muka dawo da shi layin gaba. Malama ta riƙa taɓa kafaɗarsa kafin ta yi magana, ta fuskance shi, ta faɗi umarni ɗaya-ɗaya. Na roƙi kakar a daina tsawar, a zo gabansa a faɗa.

Ba kowane lokaci ake rabuwa da daɗi haka ba. A zangon nan wani uba ya cire ɗansa saboda na ce ya ƙara shekara a ƙaramin aji, yaron yana da shekara huɗu da wata ɗaya, gidaje biyu na takardarsa duk "da taimako" ne. Kuɗin makarantarsa ya tafi, na kuma ji zafin hakan, don albashin malamai daga nan yake fitowa. Abu ɗaya ne kawai ba na jiran kwana goma a kansa: idan uwa ta ce yaro da yana yin abu, magana ko tafiya, yanzu ya daina, a ranar nake cewa a tafi asibiti.

A ƙarshen zango na biyu muka sake cika wa yaron nan mai matsalar kunne takarda, kamar yadda muke yi wa duk wanda aka samu gurbi a tasa. Tatsuniya ta koma "da taimako". A layin labarin abin da ya faru, malama ta rubuta maganarsa yadda ta fito: "Akuyarmu ta haihu jiya, 'ya'ya biyu, ɗaya baƙi." Sauran layin ko baƙo yana fahimtar maganarsa, wanda har yanzu muke dubawa, domin wasu kalmominsa sai 'yan ajinsu ne suke fassara wa sabuwar malama.