Talata, ranar farin layi a cikin rasit

Tun da na buɗe shago a Adum, cikin Kumasi, da safe na ga rubutun firintarmu mai bugawa da allurai ya dusashe, har wata mai sarin shinkafa daga Aboabo ta dawo da rasit tana cewa ba ta gane ko 3 aka rubuta ko 8. Kafin in taɓa komai sai na ɗaga farar takardar na duba kwafi biyu da ke ƙarƙashinta, domin tawadar ribon, wato ƙyallen da allurai ke bugawa a kan takarda, ba ta wuce takardar sama, sauran kuwa bugun allura ne kawai yake fito da rubutunsu. Idan ta sama ta dusashe amma na ƙasa sun fito raɗau, ribon ne ya bushe. Yau dai duk ukun suna ɗauke da siririn farin layi da ya ratsa haruffa a wuri guda, daga farkon sahu zuwa ƙarshensa, kuma wannan ya tayar mini da hankali.

Duk da haka na canja ribon, tunda dama ya tsufa. Na kashe injin, na jira kan da ke ɗauke da alluran ya huce saboda yana ƙona yatsa, na jawo shi tsakiya, na sa sabon, na zura ƙyallen a gaban alluran ba tare da ya murɗe ba, sannan na juya ɗan maɓallinsa ta inda kibiya ta nuna har ya miƙe. Rubutu ya yi baƙi wuluk, amma layin yana nan daram.

Bayan azahar mai gyara ya zo daga Asawase. Ya kwance kan, ya wanke bakinsa da sifirit, domin busasshiyar tawada da ƙura kan riƙe allura ta ƙi fitowa, sannan ya duba wayar da ke kai masa wuta. Da ya haska da tocila sai na ƙirga da idona: allurai takwas suna nan, ramin ta tara babu komai.

"Malam, dubi gefen tsohon ribon ɗin nan," in ji shi. Ya zare kamar bakin tsohon zane, kuma a irin wannan zaren allura ke maƙalewa ta karye. Ni ne na yi ta ƙara masa tawada don in rage wa maigida kashe kuɗi, abin ya dame ni ƙwarai. Ya kuma nuna mini cewa sandar da ke daidaita tazarar kai tana kan matakin takarda ɗaya alhali muna buga uku, shi ya sa kan yake gogar takarda, ƙara ta yi yawa. Ya matsar da ita, ya shimfiɗa roba mai kauri a kan teburin, ya ce in daina barin murfin a buɗe.

Ya tafi da kan, sai Alhamis. Rasit goma sha bakwai na rubuta da biro kafin magariba, ina dannawa sosai domin kwafi na uku ya fito.