Wasiƙar da na rubuta daga asibitin ƙauye zuwa asibitin koyarwa na Kanada

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a wani asibitin ƙauye cikin jihar Maradi, irin wanda muke ce ma CSI, kuma mafi yawan shekarun ni ce majo, wato shugabar wurin. Da na yanke shawarar neman aiki a wani babban asibitin koyarwa na Montreal, takardun makaranta ba su ba ni wahala ba kamar ƴar wasiƙar nan mai shafi guda da ake ɗorawa bisa takardar tarihin aiki. Da Faransanci aka rubuta ta, amma ga abin da ke ciki da Hausa.

Wahalar ta fito ne daga irin aikinmu. A CSI ɗinmu babu lokotoro. Majo ne ke duba marar lafiya, shi ke faɗin cutar, shi ke rubuta magani, ya ɗinke rauni, in sajfam ba ta nan ya karɓi haihuwa, da dare kuma ya zauna lissafin magungunan da suka rage. Da wannan muke bugun gaba, kuma duk wanda ya zauna rubuta wasiƙa, shi ke fara zuwa masa a baki. Na kai ma wani tsohon malaminmu na makarantar kiwon lafiya ta Zinder, wanda ya taɓa zama ƙasar waje, na ce masa da wannan nake son buɗewa. Ya ce, "Ɗiyata, ki tuna wa zai karanta. Shugabar sashe ce, tana da lokotoro a kowane lungu. In kin ce mata ke ce ke faɗin cuta kina rubuta magani, abin da za ta ji shi ne wannan ba za ta tsaya inda doka ta tsayar da ita ba." Na ce, "To Malam, in ɓoye aikina?" Ya ce kar in ɓoye komai, in dai nuna mata cewa duk abin da na yi bisa ƙa'idar ma'aikatar lafiya na yi shi, kuma na san lokacin da ake miƙa marar lafiya gaba.

Gaskiyarsa ce. A Kebek, jihar da Montreal ke ciki, faɗin cuta da rubuta mafi yawan magunguna aikin lokotoro ne, ko ma'aikaciyar jinya mai ƙarin karatu na musamman. Abin da ke hannun ma'aikaciyar jinya shi ne auna halin marar lafiya, da sa ido a kansa, da gane cewa yana taɓarɓarewa tun kafin abin ya yi nisa. Wannan kuwa mu muka fi kowa yinsa, don ba mu da na'urar da za ta yi mana ƙara.

Saboda haka tsakiyar wasiƙar na ba da ita ga yaro guda, maimakon jerin duk abin da na iya. Lokacin damina ne, sa'ad da masassarar cizon sauro ke cika mana baranda. An kawo shi yana jijjiga, nauyinsa kilo 12. Na rubuta abin da na yi bi da bi: na kwantar da shi a gefe na tabbatar numfashi na fita, na ba shi diyazefam miligiram 6 ta dubura don tsayar da jijjigar, na ɗaura masa ruwan sukari ta jijiya saboda sukarin jini yakan faɗi a irin wannan hali, gwajin gaggawa ya nuna masassarar, na yi masa allurar farko ta artesunat miligiram 36, wato miligiram 3 ga kowane kilo kamar yadda ƙa'ida ta ce ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Sannan na rubuta jimlar da nake ganin ta fi sauran nauyi: tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat, na san jini yake buƙata, mu kuma ba mu ƙarin jini, sai na cika takardar turawa da lokacin kowane magani, na kira asibitin gunduma suka shirya kafin mota ta isa. Duka bai wuce layi bakwai ba. Ban sa sunan yaron ko na garinsu ba, don can sirrin marar lafiya babban abu ne, kuma mai karatu na lura.

Wani abin da ya kamata a kula da shi, gajerun sunayen nan namu. CSI, da CRENAS da CRENI na kula da yara masu tamowa, mu a bakinmu kamar sunan ƴaƴanmu suke, amma a Montreal ba wanda ya san su. Na rubuta "cibiyar lafiya ta matakin farko, ba lokotoro, ma'aikata kaɗan, tafiyar sama da awa guda zuwa asibiti mafi kusa". Wajen tamowa na ce ina auna damtsen yaro, in bai kai milimita 115 ba ya shiga tsarin masu tsananin tamowa, in kuma ya kasa cin abincin gwaji ko wata cuta ta haɗu masa, sai a tura shi inda ake kwantarwa. Yawan mutanen da nake gani a rana kuwa daga rajista na ɗauko shi, na rani daban na damina daban. Kar a ƙara ko mutum ɗaya, domin a hira za su dawo kan adadin.

Sakin layi na uku shi ne wanda abokan aikina suka ce in cire, ni kuma na ƙi. Na faɗa a fili cewa ban taɓa aiki da famfon da ke auna ƙarin ruwa da kansa ba, mu ɗigo muke ƙirgawa da agogo, kuma ban taɓa rubuta bayanin marar lafiya a kwamfuta ba. Ai sun san daga inda na fito. In na yi shiru, za su ɗauka ban san girman ratar ba. Na biyo shi nan take da abin da asibitin koyarwa ke so ya ji: kowace shekara ɗalibai na zuwa mini koyon aiki a ƙauye, ni ke tsayawa kansu wajen sa allurar jijiya da cika takardar bin naƙuda, ni ke sa hannu a littafinsu.

Buɗewar wasiƙar gajera ce. Babu doguwar gaisuwa da roƙon alfarma irin na takardun ofisoshinmu, babu zancen iyali ko ƙarancin albashi, babu hoto ko shekarun haihuwa a takardar tarihin aiki. Na faɗi sashen da nake nema, na yara, da shekarun aikina, da inda takarduna suka tsaya. Wannan na ƙarshe tilas ne, don wanda ya yi karatu a ƙasarmu ba ya samun cikakken izinin aikin jinya a Kebek sai OIIQ, hukumar ma'aikatan jinya ta can, ta amince da karatunsa, galibi ta sa shi ƙarin horo, sannan ya ci jarrabawarta. Na kuma ce ni da kaina na nema ba ta hannun dillali ba, saboda Nijar na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 ta ce kar a zo ana kwasar ma'aikatan lafiyarsu, amma wanda ya nema don kansa ba a hana shi ba.

Da aka kira ni hira ta bidiyo, daga gidan yayata a Maradi na yi ta don can waya ta fi kamawa. Ba su tambaye ni yawan haihuwar da na karɓa ba. Kan yaron nan suka zauna: me zan yi in jijjigar ta dawo bayan minti goma, me na faɗa ma wanda ya ɗauki waya a asibitin gunduma, kuma da a ce akwai lokotoro a ɗaki na gaba, a wane mataki zan kira shi. Na ce tun daga lokacin da na ga yaron yana jijjiga, hannuna na kansa bakina na kira.