Karatun bayan leda a kantunan Jamus

Ɗiyata tana da alajin madarar shanu tun tana goye. Ba ciwon ciki kawai ba ne: leɓe ya kumbura, borin jini ya feso mata a wuya da ƙirji, wani lokaci har numfashi ya riƙa fita da ƙara. Da muka sauka a Jamus, kafin in iya gaisuwa da Jamusanci na iya karanta bayan leda, domin yarinya ba za ta jira in gama makarantar koyon harshe kafin ta ci abinci ba.

A makonnin farko kalma-kalma nake bi da ƙamus ɗin waya, ina tsaye tsakanin kantoci, masu tura keken sayayya suna ta ratsa ni. Aiki ne mai cin rai, kuma yawancinsa ba shi da amfani. Likitar yara ce ta rage mini wahalar. Ta ce akwai dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011, wadda ta fara aiki a watan Disamba na 2014, da ta ware abubuwa 14 masu tayar da alaji. Madara na ciki, da ƙwai, da gyaɗa, da waken suya, da riɗi, da kifi, da hatsi irin su alkama. Duk kamfanin da ya zuba ɗaya daga cikinsu a abinci, dole ya bambanta shi a jerin kayan haɗi, ko da rubutu mai kauri, ko da manyan baƙaƙe, ko ya ja layi a ƙarƙashinsa. To kun ga aikin ya koma biyu: ka nemo kalmar Zutaten, wato kayan haɗi, sannan ka bi kalmomin da aka bambanta. Ledar da aka buga da harsuna shida ko bakwai kuwa, sai ka fara nemo sashen da aka sa wa DE.

Sai dai akwai wani tarko a nan. Madara a Jamusanci Milch ce, kuma sabon zuwa zai ɗauka ita kaɗai zai nema. Ba haka ba ne. Abin da aka bambanta ba lallai ya ƙunshi wannan kalma ba, domin ana ganin kowa ya san cuku da man shanu daga madara suke. Don haka za ka tarar da Sahne, wato kirim, ko Käse, cuku, ko Butter, man shanu, ko Quark, wani irin cuku mai laushi, an kaurara su, babu Milch ko kusa. Wadda ta fi ɓuya ita ce Molke, ruwan nan da ke tsatsowa idan ana yin cuku. Ana busar da shi ya zama gari, a zuba a biskit, da garin miya, da soyayyen dankalin leda, har da wasu nau'o'in tsiran nama.

Jamusawa kuma gwanaye ne wajen ɗinke kalmomi. Süßmolkenpulver ba ta cikin ƙaramin ƙamus, sai ka yanka ta uku: süß mai zaƙi, Molke, da Pulver gari. Da na gane haka sai na daina neman kalma ɗungurungum, na koma neman guntun da na sani a cikinta, ko a farko, ko a tsakiya.

Ga misalin da nake ba duk sabon zuwa. Baƙar cakuleti ce, wadda aka rubuta wa Zartbitter a gaba, irin wadda mutum zai rantse babu madara a ciki. A bayanta an rubuta kamar haka:

Zutaten: Zucker, Kakaomasse, Kakaobutter, BUTTERREINFETT, Emulgator: Lecithine (SOJA). Kann Spuren von Schalenfrüchten enthalten.

Sukari ne a gaba, domin ana jera kayan ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. Na uku, Kakaobutter, shi ke tsorata mutane, alhali man koko ne zalla, bai haɗa hanya da saniya ba, shi ya sa ba a bambanta shi ba. Na huɗu shi ne abin gudu: tataccen man shanu ne, ga shi kuwa da manyan baƙaƙe. Kalmomi biyu maƙwabtan juna, guntu ɗaya a cikinsu, ɗaya lafiya lau, ɗaya ta sa na mayar da cakuletin kan kanta. Ƙamus ba zai raba maka su da sauri ba, yanayin rubutun ne ke rabawa. Haka Milchsäure: da Milch ta fara, amma sinadarin tsami ne da galibi ake samu ta hanyar tsimawa, kuma ba za ka gan ta an kaurara ba. Ita kuwa Milcheiweiß furotin ɗin madara ce tsantsa, ainihin abin da jikin yarinyar ke faɗa da shi.

Jimlar ƙarshe a ledar, wadda ta fara da Kann Spuren von, cewa take mai yiwuwa a samu ɓurɓushin abu kaza, a nan dangin almon da kashu, saboda inji ɗaya ake amfani da shi a masana'anta. Wannan gargaɗin doka ba ta tilasta shi ba, kamfani ne ke sa shi don raɗin kansa. Ma'ana, rashinsa a leda ba shaida ba ce ta cewa babu ɓurɓushi. Ko yaro zai ci abin da ke ɗauke da wannan jimla, wannan hukuncin likitansa ne, gwargwadon tsananin alajin. Tamu ta ce mu guje wa duk cakuletin da aka ambaci ɓurɓushin madara a kansa.

Gaban leda kuwa talla ne, ban ba shi amana ba. Laktosefrei ta fi kowace kalma yaudara. Wata maƙwabciya mai kirki ta taɓa kawo mana yogot mai wannan tambari, tana murna ta samo abin da yarinya za ta sha. Na yi godiya, na kuma yi mata bayani: an farfasa sukarin madarar ne kawai, saboda masu kumburin ciki, furotin yana nan daram. Tambarin vegan ya fi shi, domin ba a zuba madara da gangan ba, amma shi ma sau da yawa za ka juya ka ga jimlar ɓurɓushi a ƙasa.

Kuma abin da ka saya jiya ba hujja ba ne a yau. Kamfanoni kan sauya haɗi, wani lokaci su rubuta Neue Rezeptur a gaba, wani lokaci shiru. Biskit ɗin da muka saba da shi ma sai na juya shi kafin ya shiga keke. Yanzu yarinyar ta fara gane manyan baƙaƙe, takan ɗago leda ta ce, "Mama, duba min wannan, akwai baƙin rubutu."

Inda babu leda, kamar gidan burodi ko teburin yanka cuku da nama, dokar na nan dai: wajibi ne su ba da bayani. A Jamus an yarda mai sayarwa ya faɗa da baki, amma da sharaɗin akwai rubutaccen bayani da za a nuna wa duk wanda ya nema. Ni rubutaccen nake nema, sai in ce "Haben Sie eine Allergenliste?", wato ko kuna da jerin abubuwan alaji. Galibi wani fayil ake zaro mini daga ƙarƙashin kanta, kowane burodi da lambobi ko haruffa a gefensa. Waɗannan alamomin ba iri ɗaya ba ne a kowane shago, harafin da ke nufin madara a nan kan iya nufin wani abu a can, don haka bayanin da ke ƙasan shafin nake fara karantawa kafin in nuna abin da za a naɗe mana.