Talata, Aboabo

Ruwan asuba ya jiƙa hanya, sai da na yi tsayuwar jiran motar turoturo har ƙafa ta gaji. Kasuwar Kejetiya cunkus kamar kullum. Ciniki ba yabo ba fallasa.

Bayan la'asar Rabi ta shigo da littafin lissafinta, fuska a murtuke. Jarrabawar WASSCE ta matso, intigireshan kuma ya hana ta sakat. Ta ajiye min wannan:

∫ x(x² + 3)⁵ dx

"Kawu, sai na buɗe bakan nan har sau biyar?"

Na ce ta ajiye biro tukuna, ta gaya min me ke cikin baka. Ta ce x² + 3. Deribatif ɗinsa fa? Ta ce 2x. Na ce to ɗaga ido, me ke zaune a waje? Ta yi shiru, can ta ce, "x ne, amma babu 2."

Na ce rashin 2 ba ya hana komai, lamba ce kawai, ana gyara ta. Ta sa u = x² + 3, du = 2x dx, wato x dx = du/2. Tambayar gaba ɗaya ta koma ½∫u⁵ du, babu ko x ɗaya da ya rage. Amsa ta fito (x² + 3)⁶/12 + C. Na sa ta ɗauki deribatif ɗin amsar: 6 da 2x bisa 12, x ya dawo daidai. Har da tafinta.

Daga nan na goge x ɗin waje, na bar ∫(x² + 3)⁵ dx. Ko tsayawa ba ta yi ba. Ta rubuta dx = du/2x, ta janyo 1/2x waje da alamar ∫, kamar yadda ta janyo ½ ɗazu. Na ce haba Rabi, ½ ba ya motsi, x kuwa canzawa yake yi, ba ya ƙetare alamar nan. In kin gama musanya kika ga x na leƙe a gefen u, tsaya ki sake dubawa. Nan deribatif ɗin na ciki ba ya waje, don haka wannan sai an buɗe bakan.

"Amma Kawu, kusan iri ɗaya ne fa."

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai har isha. Yarinya mai ƙwaƙwalwa, an koya mata rubuta u da du tsaf, amma ba wanda ya ce ta fara neman na ciki da deribatif ɗinsa kafin ta taɓa biro. A aji cike maƙil, wa ke da lokacin tsayawa a kanta? Ni ma sai in kasuwa ta sake ni da wuri.

Na bar mata ∫ cos x · sin⁴x dx, na ce ba amsa nake so ba, ta faɗa min wane ne na ciki kawai.

Hajiya ta aiko da tuwo. An ɗauke wuta wajen tara. Gobe kuɗin haya.