Mita mai kati a gidan haya: a raba waya kafin a kafa ta

Gidanmu na haya a nan Damagaram ƙofa huɗu ne a kan mita ɗaya. Faktir ya zo, mai gida ya ƙirga ƙwai da fanka na kowane ɗaki, ya yanka wa kowa nasa. Wannan lissafi ba ya ganin awoyi. Mai fanka ɗaya da ke wuni a kasuwa da mai firiza da ke aiki dare da rana, kusan abu ɗaya suke biya. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kuɗin kilowat hawa-hawa ne, yawan ci yana tura faktir zuwa mataki mai tsada. Gida huɗu a kan mita ɗaya sun fi saurin hawa can, mai ƙaramin ci ya biya tsadar da ba shi ya jawo ba. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, nan ne rigimar ke tashi.

Ban je wa mai gida da ƙorafi ba, da takarda na je. Na rubuta kayana da awoyinsu: fanka biyu masu wat 70, awa 12 kowace, kilowat 1.7 ke nan. Ƙwai huɗu masu wat 10 na awa shida. Talabijin awa huɗu. Sai cajin waya. Duka bai wuce kilowat 2.2 a yini ba, wajen 66 a wata. Na ce masa: "Alhaji, ba wai ban yarda da rabonku ba ne. Ku duba wahalar da kuke sha kowane wata kuna bin ƙofa-ƙofa, in wani ya makara ku cika daga aljihunku don kada a yanke. In aka sa mai kati, wutata ta fita daga wuyanku." Abin da ya ja hankalinsa ke nan, da kuma cewa duk ranar da na tashi ba zan bar masa bashin wuta ba.

Da farko ya ce a sayo ƙaramar mita ta kasuwa a ɗaura mini bayan babbar. Na ƙi, cikin ladabi. Ita ƙaramar tana ƙirga cinka, gaskiya ne, amma har yanzu kana rataye da faktir ɗin gida: wani ya ƙi biya a yanke da kai, kuma farashin mataki mai tsada zai ci gaba da binka. Abin da nake so shi ne rajista ta daban a NIGELEC, da mita mai lambarta, wadda zan sayi wuta a ba ni lambobi 20 in danna da hannuna. Muka yi takarda gaban shaidu biyu: ni zan fitar da kuɗin sa mita, a riƙa cire mini daga kuɗin haya kaɗan-kaɗan, mita ta zauna wa gida in na tashi. Zuwa ofis da zuwan ma'aikata duk sun tafi lafiya lau.

Takardar nan ce har yau take ci mini rai. "Kuɗin sa mita" aka rubuta. Babu kalma ɗaya a kan raba waya.

Kamfani daga layi zuwa mita aikinsa yake tsayawa. Wayoyin cikin gida na mai gida ne da mai gyaran wutar da aka kira. Wanda ya yi mana ya buɗe akwatin haɗin waya da ke bakin ƙofata, ya yanke wadda ke zuwa daga tsohuwar mita, ya haɗa sabuwar, ya kunna ƙwai ya kama, ya karɓi kuɗinsa. Sai na ga kilowat na sauka da wajen 4.5 a yini, ninki biyu na lissafina. Mutane suka ce ai mai kati haka take, gudu gare ta. Ba gudu take ba. Abin da ya bi ta cikinta take ƙirgawa, sai dai ba ta san ɗakin wa ya shiga ba.

Ga yadda ake ganewa, kuma ba a buƙatar kayan aiki. A fuskar mita akwai ƴar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta wani abu kamar `1000 imp/kWh`, wato ƙiftawa dubu kilowat ɗaya ne. Ka duba naka adadin, don ba duka mitoci ke da ɗaya ba. Ka zare komai na ɗakinka daga bango, ka kashe ƙwai, ka tsaya da agogo. Ya kamata fitilar ta yi shiru. Tawa tana ƙiftawa kusan kowane daƙiƙa 24, sau 150 a awa, ma'ana akwai abu mai wat 150 da ke ci. Kada ka tsaya minti biyu ka tafi: firiza tana aiki tana hutawa, za ka iya faɗawa lokacin hutunta. Ka ba shi rabin awa, da tsakar rana, ka sake da dare saboda fitilun waje.

Gwaji na biyu shi ya nuna wurin. Na kashe wutata daga makashin da ke jikin mita, muka zaga ƙofa-ƙofa da yardar masu ɗakuna. Firizar maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara ta yi tsit, ƙwan zaure ma bai kama ba. Firiza mai wat 150 da ke aiki wajen awa 14 cikin zafi ta ci kilowat 2.1, ƙwan zaure na kwana ya ƙara ɗan abin da ya rage. Lissafi ya cika cif.

Baiwar Allah ba sata ta yi ba, ba ta ma sani ba. Gidan na iyali ɗaya ne tun asali, daga baya aka yanka shi ƙofa-ƙofa. Mai wayar farko ya huda bangon tsakiya, ya ciyar da soket ɗin ɗakinta daga bayan nawa don ya rage tsawon waya. Daga waje ba abin da ido zai gani.

Gyaran ya ci waya sabuwa mai kauri 2.5 daga ɓangaren tsohuwar mita zuwa soket ɗinta, da mai 1.5 zuwa zaure, a cikin bututun roba a kan bango don kada a fasa gini. Wayoyi biyun duka ake rabawa, mai wuta da mai komawa. In aka bar mai komawa a haɗe tsakanin mita biyu, makashi mai gane yoyon wuta zai yi ta faɗuwa ba dalili, a yi ta zargin mita. Hatimin jikin mita kuwa kada mai gyara ya kusance shi, duk aikin bayanta ake yi.

Da na kai wa Alhaji kuɗin wannan aiki, ya ɗauko takarda ya karanta mini abin da muka sa wa hannu. Ban da bakin magana. Waya, bututu, ladan mai gyara da wutar da firiza ta sha, duk a kaina, ko dala ba a cire daga haya ba. Da layi ɗaya ya shiga takardar, cewa raba wayoyin ɗakuna da na zaure yana cikin abin da za a cire, da ba haka ba. A rubuta kuma wa ke ɗaukar ƙwan zaure, don da zarar kowa ya samu mitarsa ba mai son sa. Mai gyara kuma kada a biya shi sai an yi gwajin nan biyu yana tsaye, maƙwabta suna gida, firiza tana kunne.

Yanzu ina tsakanin kilowat 65 da 70 a wata, daidai da takardar da na fara kai wa Alhaji. Sauran ƙofa ukun suna nan a kan rabo, kuma ƙwan zaure ya koma cikin nasu faktir, ina ba da kasona a hannu kowane wata.